Sararin sama mai tubali-tubali a wasannin waya: sharhi kan zaɓi tsakanin ETC2 da ASTC

Mai zane ya gama fentin sararin sama na almuru, shuɗi mai duhu daga sama, yana gangarowa sannu a hankali har ya zama ruwan lemo a bakin ƙasa. A kan kwamfuta komai sumul. Da aka ɗora wasan a waya sai saman ya fito da ratsi-ratsi, wasu wuraren kuma da ƙananan murabba'ai masu ɗan bambancin launi. Daga nan shawarwari suke karo da juna. Wani ya ce a koma tsarin matse hoto na ASTC, shi ne na zamani. Wani ya ce a tsaya kan ETC2 don kada a bar masu tsofaffin wayoyi a baya. Na uku ya ce a daina matse hoton gaba ɗaya. Kowanne yana da hujja, amma babu wanda shawararsa za ta yi aiki sai an fara gano daga ina lalacewar ta taso, domin ba kowane ratsi ne laifin matsewa ba.

## Abin da ake nufi da matse hoto a nan

Hotunan da ake lulluɓa wa bango, ƙasa, jikin ɗan wasa da sararin sama, duk suna zama ne a cikin RAM yayin da wasa ke gudana. A waya kuwa GPU, wato guntun da ke zana hoto a allo, ba shi da ma'adanarsa ta daban, RAM ɗaya suke rabawa da sauran manhajoji. Hoton da ba a matse ba yana cin bayit 4 a kowane fiksel: ja, kore, shuɗi, da alfa, wato ma'aunin yadda ake iya hango abin da ke bayansa. Hoto mai faɗin 2048 da tsayin 2048 ya tashi megabayit 16 ke nan. Idan aka haɗa da ƙananan kwafinsa da ake amfani da su daga nesa, waɗanda injinan wasa ke kira `mipmaps`, sai a ƙara kusan sulusi, ya haura megabayit 21.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne PNG da JPEG. Fayil ɗin PNG na iya zama ƙarami a ma'ajiyar waya, amma GPU ba ya karanta shi a haka. Sai an warware shi ya koma cikakken girmansa kafin a zana. Dalili kuwa shi ne GPU yana buƙatar ya ɗauko kowane fiksel daga kowane wuri nan take, ba tare da ya bi ta kan na gabansa ba. Shi ya sa tsare-tsaren matsewa na GPU suke yanka hoto zuwa tubala, kowane tubali a ba shi adadin bit ƙayyadadde. Tubalin da ke da launi ɗaya tak da wanda ke cike da zane, kasonsu ɗaya. Kuma kowane tubali ana lissafa shi ne shi kaɗai, bai san abin da maƙwabcinsa ya zaɓa ba. Nan ne tushen murabba'an da ido ke gani: tubala biyu da ya kamata su haɗu ba tare da alama ba, kowanne ya yi kuskurensa zuwa wani ɓangare daban.

## Yadda ETC ke kallon launi

ETC1, wanda kamfanin Ericsson ya samar, shi ne ya daɗe yana riƙe da Android. Yana ɗaukar tubali mai fiksel 4 sau 4 ya sa shi cikin bit 64, wato bit 4 ga kowane fiksel, kuma ba ya ɗaukar alfa. Yana raba tubalin gida biyu, ya ba kowane rabi launin tushe ɗaya, sannan kowane fiksel ya ɗan ƙara haske ko ya rage. Sharaɗin shi ne ƙarin yana hawa kan ja da kore da shuɗi daidai wa daida. Ba a iya ɗaga shuɗi a bar ja.

A ɗauki fiksel ɗaya daga duhun saman can, mai ja 20, kore 26, shuɗi 70. A mafi kyawun yanayinsa ETC1 yana adana launin tushe da bit 5 ga kowane launi, don haka lambobin da yake iya riƙewa suna tsallake takwas-takwas: 16, 24, 33, har zuwa 66, 74. Ƙaramin gyaran haske da yake da shi shi ne a ƙara 2 ko a rage 2. Daga cikin mafi kusa da zai iya kaiwa akwai 18, 26, 68, akwai kuma 22, 22, 72. Na farko ya ɗan yi duhu, na biyu ya rasa kore ya karkata zuwa shanshanbale. Idan tubali ɗaya ya ɗauki na farko maƙwabcinsa ya ɗauki na biyu, ga murabba'i nan ya bayyana, alhali babu kuskuren da ya wuce 4 cikin 255.

ETC2 ya zo tare da ƙa'idar zane ta waya, OpenGL ES 3.0, a shekarar 2012, kuma ƙa'idar ta wajabta wa duk na'urar da ke ikirarin wannan mataki ta iya karanta shi. Girmansa bai canja ba, bit 4 ga hoto marar alfa, bit 8 ga mai cikakken alfa. Abin da ya ƙaru shi ne sababbin hanyoyi uku na lissafa tubali, ɗaya daga cikinsu an yi ta ne musamman saboda gangaren launi. A wannan hanya ana adana launuka uku, sai a ja shimfiɗaɗɗen gangare a tsakaninsu, ja da shuɗi da bit 6, kore da bit 7. Wannan ya gyara abubuwa sosai a wurin da launi ke sauyawa da ɗan sauri, kamar bakin ƙasa inda ruwan lemo ke shigowa.

Sai dai gangare mai tafiyar hawainiya har yanzu yana ba shi wahala. Bit 6 na nufin tsallake huɗu-huɗu, shuɗi 65, 69, 73. Idan a layuka 400 na saman hoton shuɗi ya tashi daga 64 zuwa 96 ne kawai, to mataki ɗaya yake hawa a duk layi 12 ko 13. Mafi ƙanƙantar gangaren da tubalin zai iya yi kuwa mataki huɗu ne a faɗin fiksel huɗu, wanda ya ninka na asali fiye da sau goma. Saboda haka ko dai tubalin ya zauna a shimfiɗe, a sami manyan ratsi masu tsallen mataki huɗu, ko ya yi gangaren da ya wuce kima, ya kasa haɗuwa da na ƙasansa. Akwai kuma matsalar tauraro. Duk tubalin da ɗigon haske ya faɗa ciki ba zai iya amfani da wannan hanya ba, sai ya koma wata, kuma duhun da ke kewaye da tauraron ya fito da ɗan launi daban da sauran sama.

PVRTC, na kamfanin Imagination Technologies, wanda tsofaffin iPhone suka dogara da shi, ya bi wata hanya ta cakuɗa launi tsakanin tubala. Ba ya yawan yin murabba'ai, amma yana dusar da gefuna, kuma a iOS yana buƙatar hoto mai faɗi da tsayi ɗaya. Ga sabon wasa ba shi ne abin tattaunawa ba.

## Yadda ASTC ke raba kasonsa

ASTC ya fito daga kamfanin ARM, ƙungiyar Khronos ta karɓe shi a 2012. Kowane tubalinsa bit 128 ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Abin da mai wasa ke zaɓa shi ne yawan fiksel ɗin da za su raba wannan kaso. Tubalin 4x4 ya ba da bit 8 ga fiksel, 6x6 ya ba da 3.56, 8x8 ya ba da 2, 12x12 kuma ƙasa da bit ɗaya. Don haka cewa "mun yi amfani da ASTC" bai faɗi komai ba tukuna, tun da tsakanin 4x4 da 12x12 akwai ninki tara na memori.

A cikin tubalin ana adana launuka biyu na iyaka, sannan a ba da awo da ke nuna inda kowane wuri ya faɗa tsakaninsu. Ga tubali mafi sauƙi, bit 17 suna tafiya wajen bayanin tsarin tubalin, saura 111. Launukan iyaka biyu marasa alfa, idan aka adana su da cikakkiyar daidaito, suna cin 48. Abin da ya rage, 63, shi ne na awo. Dabarar da ta fi muhimmanci ga gangaren launi ita ce ba dole ba ne kowane fiksel ya sami awonsa. Tubalin 8x8 na iya adana awo 16 kacal, sai na'ura ta cike tsakaninsu a hankali. Gangare mai santsi kuwa abin da yake so ke nan.

Sakamakon yana saɓa wa zaton mutane da yawa. Sama marar komai a cikinta tana iya fitowa tsaf a 8x8, har ta fi yadda ETC2 zai fitar da ita da ninki biyu na memori, domin ASTC yana iya riƙe shuɗi 70 da 71 daidai. Matsala tana farawa ne idan wani abu ya shigo yana neman kaso. Gefen gajimare yana tilasta wa tubali ya rabu gida biyu, kowane gida da launukan iyakarsa. Bayanin tsari ya tashi zuwa bit 29, lambobin launi suka koma 12 daga 6, kuma babu sarari a adana su duka da bit 8, dole a rage musu daidaito. Nan da nan duhun da ke gefen gajimaren ya bambanta da na tubalin da ke kusa, wanda bai rabu ba.

Haka alfa. Ana yawan cewa a ASTC alfa kyauta ne, kuma ta fuskar memori gaskiya ne, girman fayil bai canjawa. Amma daga cikin bit 128 ɗin nan yake ci. Launukan iyaka sun koma bit 64 daga 48, idan kuma alfan ba ya tafiya tare da launin, sai an ba shi nasa jerin awo daban. Hayaƙi, hasken fitila da inuwa mai laushi, waɗanda duk gangare ne a cikin alfa, su ne suka fi nuna wannan. Girman tubalin da ya wadatar da bangon dutse ba lalle ya wadatar da su ba.

## Gane mai laifi kafin a yanke hukunci

Lalacewar iri uku ce, kuma a ido suna kama da juna.

Na farko ratsi ne da ke cikin hoton tun asali. Bit 8 matakai 256 kawai yake da su. A misalin da ya gabata, shuɗi na hawa mataki ɗaya a duk layi 12, ja kuwa idan daga 18 zuwa 34 ya tashi, sai bayan layi 25. Idan aka buɗe wannan hoto ya cika allo, a ɗaki mai duhu, ido yana iya kama waɗannan layuka ko da ba a matse komai ba. Alamarsu ita ce suna da tsayi, suna bin siffar gangaren, kuma ba su damu da layin tubala ba.

Na biyu shi ne na matsewa. Gefunansa a miƙe suke, a tsaye da a kwance, kuma idan aka ƙirga sai a ga suna faɗawa kan ninkin 4 ko 6 ko 8 na fiksel ɗin hoton. Yawanci har da ɗan sauyin launi, wani wuri ya yi kore-kore wani ya yi ja-ja.

Na uku yana faruwa ne bayan an karanta hoton. Ƙaramin shirin fenti da GPU ke gudanarwa yana iya yin lissafi da `mediump`, wanda a wayoyi da yawa lamba ce mai bit 16, kuma idan aka yi ta ninkawa da haske da hazo, daidaiton yana zubewa. Ko kuma allon wucin gadi da ake zana wasan a kai ya kasance `RGB565`, mai matakai 32 kacal na ja da shuɗi. Ko a manta a yi wa hoton alamar `sRGB`, wato ma'aunin launi na allo, ko a adana launi mai duhu a ma'aunin da ba ya ba duhu isassun matakai. Wannan nau'in yana da wayo domin sau da yawa ba ya bayyana a kwamfuta, inda ake gudanar da `mediump` da cikakkiyar daidaito.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. A mayar da wannan hoto ɗaya zuwa `RGBA32` marar matsi, a gina wasan, a duba a kan wayar. Idan ratsin na nan, to canja ETC2 zuwa ASTC ba zai yi maganin komai ba. Idan ya tafi, sai a koma kan manhajar matsewa. Ta ARM, `astcenc`, tana iya matse hoto ta warware shi nan take don a kwatanta:

```
astcenc -ts sama.png gwaji_6x6.png 6x6 -thorough
astcenc -ts sama.png gwaji_8x8.png 8x8 -thorough
```

Sai a cire kowanne daga hoton asali a manhajar gyaran hoto, a ninka bambancin sau 16 ko fiye, tsarin tubalan zai fito fili. A lura kuma da `-thorough`. Tsari ɗaya da girman tubali ɗaya suna iya ba da sakamako daban gwargwadon ƙoƙarin da manhajar ta yi wajen neman mafi dacewa. Injinan wasa kan yi amfani da saiti mai sauri yayin aiki na yau da kullum, kuma ba abin mamaki ba ne a fitar da wasa a haka ba tare da an lura ba.

Manhajar za ta kuma ba da lambar PSNR, wadda ke auna yawan kuskure. A nan sai an yi hattara. Kuskuren mataki 2 a kowane fiksel yana ba da kimanin 42, lambar da a hoton ciyawa ko tsakuwa za a ce ta yi kyau ƙwarai. Amma ido ba ya auna matsakaicin kuskure, yana neman layi ne. Mataki biyu da suka jeru a miƙe tsawon rabin allo sun fi fitowa fili kan mataki goma da suka warwatsu cikin ciyawa.

## Misali: sama mai faɗin 2048 da tsayin 1024

A ɗauki saman nan na almuru, da wata guda da siraran gajimare, ba tare da ƙananan kwafi ba. Marar matsi megabayit 8 ne. ETC2 marar alfa ya mayar da shi megabayit 1, ASTC 4x4 megabayit 2, 6x6 kimanin kilobayit 914, 8x8 kuma kilobayit 512.

Hanyar farko ita ce a bar shi hoto ɗaya a yi ta rage girman tubali har ido ya gamsu. A 8x8 wuraren da babu gajimare za su iya yin kyau, gefen gajimare da kewayen wata su lalace. A 4x4 yawancin wannan zai tafi, amma an biya megabayit 2 saboda ɗan yankin hoton, kuma ratsin asali na bit 8 yana nan daram, domin matsewa ba ta ƙara wa hoto abin da ba shi da shi.

Hanya ta biyu ita ce a tambaya me ya sa gangaren ke cikin babban hoto tun farko. Launin saman yana sauyawa ne daga sama zuwa ƙasa kawai, don haka layi ɗaya a tsaye ya ƙunshi dukkan bayaninsa. Siririn hoto mai faɗin fiksel 1 da tsayin 256, a tsarin `RGBA16F` mai bayit 8 ga fiksel, kilobayit 2 ne. GPU zai shimfiɗa shi ya cika allo yana cike tsakani, kuma lambobin da ke fitowa sun fi bit 8 daidaito. Gajimaren sai su zama hoto daban mai layin bayani ɗaya, wato kauri kawai, launinsu kuma ya fito daga shirin fenti. Tun da masu laushi ne, 1024 da 512 ya ishe su. A ASTC 6x6 wannan kimanin kilobayit 230 ne, kuma da yake lambobi biyu kawai ake adanawa a matsayin iyaka maimakon shida, kusan duk kason yana tafiya ga awo. A wayar da ba ta da ASTC akwai `EAC R11`, ɗan gidan ETC2 mai layi ɗaya da daidaiton bit 11, wanda zai ci kilobayit 256. Watan kuma, da shi ne ke da kaifin gefe, a ba shi nasa hoto 256 da 256 a 4x4, kilobayit 64. Jimilla ba ta kai kilobayit 300 ba a ASTC, ƙasa da sulusin abin da ETC2 ya ci, kuma babu tubali ko ɗaya a cikin gangaren.

Saura mataki ɗaya. Allon wayar da kansa yawanci bit 8 ne, don haka lamba mai daidaito za ta sake komawa matakai a ƙarshe. Maganin shi ne a yayyafa ɗan hargitsi da bai wuce rabin mataki ba kafin a rubuta launin, yadda layin da ke tsakanin 70 da 71 zai narke ya zama ɗigo-ɗigon da ido ba ya rarrabewa:

```glsl
highp float n = fract(52.9829189 * fract(dot(gl_FragCoord.xy, vec2(0.06711056, 0.00583715))));
color.rgb += (n - 0.5) / 255.0;
```

Wannan yayyafi yana da sharuɗɗa biyu. Dole a yi shi a kan launin da ya riga ya koma ma'aunin allo. Idan aka ƙara shi kafin a juya zuwa `sRGB`, zai yi ƙarfi fiye da kima a wurare masu duhu. Kuma dole lambar da ake yayyafa wa ta kasance mai daidaito tun farko. Rabin mataki ba zai rufe tsallen mataki huɗu da ETC2 ya riga ya yi ba. Zuba yayyafin cikin hoton kafin a matse shi kuwa sau da yawa asara ce biyu: manhajar matsewa za ta share wani sashe, ta kuma ɓata kaso wajen ƙoƙarin adana sauran.

Hanyar tana da farashinta. GPU yana karanta hotuna biyu ko uku a wurin da a da ɗaya yake karantawa, kuma sama tana cin babban kaso na allo. Sannan ba kowane zane ne ke rabuwa ba. Idan mai zane ya cakuɗa haske da gajimare da tsaunuka da alamun burushinsa, raba su zai kashe abin da ya sa hoton ya yi kyau. A irin wannan akwai matsakaiciyar hanya da ake yawan mantawa: a rage faɗi da tsayi, a ƙara inganci. Hoton 1024 da 512 a 4x4 kilobayit 512 ne, daidai da cikakken girma a 8x8. Ga zane mai laushi na farkon yakan fi kyau, ga zane mai rubutu ko siraran layuka kuma na biyun yakan fi, sai dai a gwada duka biyun.

## Matsayoyi uku kan abin da za a tura wa 'yan wasa

A ɓangaren Apple muhawarar ta kusa ƙarewa, domin tun daga guntun A8 na iPhone 6 a 2014 ASTC yana aiki. A Android ne ra'ayi ya rabu. OpenGL ES 3.2 ya wajabta ASTC, amma har yanzu akwai wayoyin da suka tsaya a 3.0. Alƙaluman da Google ya sa a jagorarsa ga masu wasanni sun nuna ETC2 a fiye da kashi 95 cikin ɗari na na'urori, ASTC kuma a fiye da kashi 80.

Masu cewa ASTC kaɗai suna kafa hujja da inganci da sauƙin aiki: tari ɗaya na hotuna, gwaji ɗaya, da damar zaɓar girman tubali ga kowane hoto. Raunin matsayin yana bayyana a wayar da ba ta san tsarin ba. Injin wasa na Unity, alal misali, ba ya ƙin buɗe wasan, sai ya warware hoton ya koma marar matsi yayin lodi. Hoton 6x6 ya kumbura ninki tara, kuma a kan wayar da tun asali ita ce mai ƙarancin RAM. Wannan matsayi yana tsayuwa ne idan wasan ya riga ya fi ƙarfin irin waɗannan wayoyi, aka kuma hana su sauke shi.

Masu cewa ETC2 kaɗai suna samun kusan kowa da tari ɗaya. Abin da suka rasa shi ne zaɓi. Hoto marar alfa bit 4 ne ko da bit 2 zai ishe shi, mai alfa bit 8 ne ko da rabin haka zai yi. Wanda kuma bit 4 bai ishe shi ba, babu mataki na gaba sai marar matsi. Ga wasa mai zane mai kaifi da launuka a shimfiɗe wannan ba babbar asara ba ce. Ga wasa mai yawan hazo da haske, dabarar raba gangare ta zama dole.

Matsayi na uku shi ne a gina duka biyun. Google Play yana ba da damar sa tarin hotuna fiye da ɗaya a cikin kunshin wasa, a cikin folda masu ƙarin suna kamar `#tcf_astc` da `#tcf_etc2`, kowace waya ta sauke wanda ya dace da ita. Ɗan wasa ba ya sauke ninki biyu, amma masu wasan suna ginawa sau biyu su gwada sau biyu, kuma sai sun tanadi wayar gwaji ta kowane ɓangare. Akwai kuma Basis Universal, wanda ake adana hoto sau ɗaya a juya shi zuwa tsarin da wayar ta sani yayin lodi. Nau'insa mai ƙaramin fayil, ETC1S, yankakken ETC1 ne, don haka ya gaji raunin da aka bayyana a sama har da ƙari. Nau'in UASTC yana riƙe gangare da kyau amma bit 8 yake ci a memori.

## Abin da ke isa ga mai riƙe da waya

Ɗan wasa ba ya ganin sunan tsari, sakamako yake gani. Idan hotuna suka yi nauyi, tsarin wayar yana rufe manhajojin da ke baya don ya sami sarari, shi ya sa mutum zai fita ya amsa saƙo ya dawo ya tarar wasan ya fara daga farko. Idan abin ya tsananta wasan da kansa ake rufewa ana tsakiyar yi. Hoto marar matsi kuma yana sa GPU ya riƙa jan bayanai masu yawa daga RAM a kowane zane, wanda ke cin batir ya kuma ɗumama waya, wayar da ta yi zafi kuwa tana rage gudunta da kanta.

Girman saukewa lissafinsa daban ne da na memori. Fayil ɗin ASTC ba ya ƙara matsuwa sosai idan aka sa shi cikin kunshi, don haka wani lokaci wasan da ya koma ASTC yakan fi na PNG nauyin saukewa alhali ya fi shi sauƙi a RAM. Zaɓin `Crunch` na Unity kuma akasin haka yake yi: yana rage abin da ake saukewa, yana ƙara rage inganci, amma a memori hoton yana komawa girman ETC ɗinsa na yau da kullum.

Ratsin kansa ba kowa ke ganinsa daidai ba. Allon OLED, da baƙinsa ke da zurfi, yana tona matakan duhu fiye da allon da ke da haske a bayansa, kuma wanda ke wasa da dare da hasken allo a sama ya fi ganinsu. Saboda haka gwajin gangaren launi yana buƙatar wayoyi biyu aƙalla, mai allo mai kyau don ganin lalacewar hoto, da mai ƙarancin RAM don ganin ko hoton ya zauna a matse ko an warware shi. Na biyun ana tabbatar da shi ne a ma'aunin memori na injin wasan, ta hanyar kwatanta girman da ya nuna wa kowane hoto da wanda lissafi ya bayar: idan saman da ya kamata ya ci kilobayit 914 ya nuna megabayit 8, an warware shi.